Kafin A Huda Bangon Gidan Haya

Watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, lokacin da zafin rana yake kaiwa digiri 40 har ya zarce, shi ne kakar masu sayar da esi da kayan sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya koma abin da sai an yi lissafi, sannan duhun da jihohin Arewa suka kwana ciki na tsawon kwanaki a watan Oktoban 2024 ya ƙara tura mutane kasuwar sola. Wanda yake zaune a gidan kansa ba shi da wata shawara da ta wuce ta aljihunsa. Ɗan haya kuwa kuɗin nasa ne, zafin ma shi yake sha, amma bangon da za a huda da kwanon da za a taka na wani ne.

Yawancin rigimar da take tashi a kan wannan ba daga hana izini take tasowa ba. Masu gidaje da yawa ba sa hanawa. Ɗan haya yakan tare maigida a ƙofar masallaci bayan la'asar ya ce yana son sa sola, maigida ya ce ba komai, Allah ya sanya alheri, a rabu ana murmushi. Bayan shekara biyu, ranar tashi, motar kaya tana ƙofar gida, yaro yana kan rufi da sifana, sai maigida ya iso ya ce abin da aka kafa a jikin gidansa ba ya fita. Shi ɗan haya a ransa izinin ajiye kayansa ya nema. Shi maigida a ransa gyara aka yi wa gida. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, maganar ce ba a ƙarasa ba.

Abin da doka take dubawa

Ƙa'idar da kotunan Najeriya suka gada daga dokar Ingila ita ce duk abin da aka manna wa gini har ya zama jikinsa, ya bi ginin, ya zama na mai ginin. Sai dai ƙa'idar tana da sassauci ga ɗan haya. Abin da ya kafa don jin daɗin zamansa ko don sana'arsa yana da ikon cirewa, da sharaɗi biyu: ya cire kafin wa'adin hayarsa ya ƙare ya miƙa makulli, kuma cirewar kada ta yi wa ginin mummunar ɓarna, ɗan abin da ta ɓata kuma ya gyara. Alƙali yakan duba yadda aka kafa abin da kuma dalilin kafa shi. Injin da aka rataye da noti huɗu daban, wayar da aka fasa bango aka binne aka yi filasta a kanta daban.

Game da neman a biya mutum abin da ya kashe, Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta fito da maganar fili: ɗan haya ba ya canza komai a gini sai da izinin maigida a rubuce, kuma diyyar gyaran da ya yi tana rataye ne da wannan rubutaccen izinin. Kowace jiha da dokarta, a Arewa kuma shari'ar haya takan je gaban majistare ko gaban alƙalin kotun shari'a, da yawa ma a zauren mai unguwa take ƙarewa. Amma duk inda aka je, tambayar farko iri ɗaya ce: me kuka yi da shi, ina takarda, ina shaidu? Mu da muka san ayar bashi a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, bai kamata a ce kunya ce take hana mu rubutu ba. Amma ita ce take hanawa. Mutum yana ganin idan ya ce wa dattijo a rubuta, kamar ya ce bai yarda da shi ba.

Kafin a je wurin maigida, ya kamata ɗan haya ya kasa aikin gida uku a ransa. Akwai abin da ake kwancewa ya tafi lafiya lau: injin esi na ciki da na waje, fanel, inbata, batir. Akwai abin da yake shiga jikin gini, wanda cire shi asara ce ga kowa: wayar da aka binne, burekar da aka ƙara a akwatin raba wuta, sandar da aka kafa a ƙasa don tsawa da zirarar wuta. Sannan akwai raunin da aikin zai bari: rami a bango, hudar kwano, fentin da ruwa ya ɓata. Kowane kaso da maganarsa. Wanda ya haɗe su ya kira su duka da suna ɗaya, wato "sola", shi ne zai yi jayayya ranar tashi.

Esi: rami ɗaya, amma lissafin yana wajen wuta

Esin zamani mai gida biyu ba ya cin bango sosai. Ana huda rami ɗaya mai faɗin kamar santimita 6 ko 7, wanda bututun tagulla biyu da waya da tiyon ruwa za su bi, sai ƙananan ramukan sukuru na rataye injin ciki, sai ƙarafa biyu da za su ɗauki injin waje, mai nauyin kilo 25 zuwa 35. Tsohon esi na taga shi ne mai ta'adi, domin idan magini bai bar masa gurbi ba, sai an fasa bulo an buɗe wuri mai girman akwati. Maigidan da ya ƙi wannan yana da gaskiya.

Abin da yake ɓata gini a esi mai gida biyu ruwa ne. Ramin dole ya karkata ƙasa ta waje. Idan mai haɗawa ya huda shi a miƙe, ko ya karkata ciki, ruwan da injin yake tatsa daga iska ba zai sami gangare ba, sai ya riƙa tsiyaya a bangon ɗaki. A watan Maris da iska take a bushe ba za a lura ba. Sai Agusta, lokacin da injin yake zubar da lita da yawa a dare guda, za a ga fenti ya kumbura yana ɓarewa, wani baƙin layi ya sauko daga ƙarƙashin injin. A waje ma, tiyon da aka bari yana ɗiga a gindin bango yana jiƙa tushen gini, ko yana zuba a kan tagar na ƙasa. Ƙarin tiyo na 'yan mitoci da zai kai ruwan kwata ko gindin shuka ya isa ya kashe wannan magana, kuma faɗa wa maigida tun farko cewa za a yi hakan yana kwantar masa da hankali fiye da dogon roƙo.

Sai wayar gida. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan kamar wat 1,100 zuwa 1,200 idan yana aiki, kuma wanda ba na inbata ba yana fizgar ninkin haka a daidai lokacin tashi. Gidajen haya da yawa an yi musu wayarin ne da tunanin fanka da talabijin. Idan aka cusa esi a soket ɗin ɗaki, alamun ba sa ɓuya: soket yana zafi idan an taɓa, gefen ramukansa ya yi baƙi, ana jin ƙaurin roba, ƙwan fitila yana dusashewa duk lokacin da injin ya tashi. Gobara daga nan take farawa, a cikin silin, inda ba mai gani. Aikin ƙwarai shi ne a ja wa esin layinsa shi kaɗai daga akwatin raba wuta, da waya mai kaurin milimita 2.5 ko 4 ta tagulla zalla, da bureka mai amfiya 20. Wannan layin yana cikin kaso na biyu, zai zauna a gidan, kuma duk wanda ya shigo bayanka zai mora. Shi ya sa shi ne wurin da ya dace a nemi maigida ya sa hannu a aljihu, ba a kuɗin injin ba.

Inda kowane ɗan haya yake da mitarsa ta kati, wanda ya sha wuta shi ya biya, magana ta ƙare. Inda mita ɗaya ce ga mutum huɗu ko biyar, esi ɗaya yana iya raba zumuncin gida. A lissafa: injin da ya kwana awa takwas yana aiki yana hutawa zai ci kamar yunit 7, a wata yunit 210. A layin da ake kira Band A, wanda tun watan Afrilun 2024 kuɗin yunit ɗinsa ya haura naira 200, wannan ya zarce naira 40,000 a wata, alhali maƙwabcin da yake da fanka biyu da fitila bai ci rubu'in haka ba. Ba adalci ba ne a ci gaba da raba kuɗin kati daidai wa daida. Maganin ƙaramar mita ce da ake sa wa layin esin ko ɗakin gaba ɗaya, ana karantawa ƙarshen wata a gaban kowa. Mai esi shi zai saye ta. Gidan da ba mita, ana kawo bil na ƙiyasi, damuwar maigida ta fi haka, domin a aikace bashin wuta a kan gidan yake zama bayan ɗan haya ya tafi. Alkawarin nuna rasit duk wata, a rubuce, shi ne amsar.

Rufi ba na ɗan haya ba ne

Maganar sola ta fi nauyi, kuma nauyin na gaske ne. Fanel mai wat 550, irin wanda ya cika kasuwa yanzu, tsawonsa ya ɗan wuce mita 2, faɗinsa mita 1 da 'yan kai, nauyinsa wajen kilo 27. Guda shida sun kai kilo 160 da ɗoriya, kafin a haɗa ƙarafan da za su zauna a kai, kuma za su rufe wajen murabba'in mita 15. Rufin da aka yi da katako mai kyau zai ɗauka. Rufin da gara ta ci, ko wanda kafinta ya ba katakonsa tazara mai yawa don ya rage kuɗi, zai lotsa. Saboda haka kafin a yi ciniki, wani ya buɗe silin ya leƙa da tocila ya ga halin da katakon yake ciki, ya ɗauki hoto. Hoton nan yana kare ɓangare biyu, domin idan akwai tsohon tabon yoyo a silin, gara a gan shi yau da a ɗora wa sola laifinsa baɗi.

Abin da ya fi nauyi haɗari shi ne iska. Guguwar farkon damina, wadda take yaye rufin gidaje a Mayu da Yuni, idan ta shiga ƙarƙashin fanel ɗagawa take yi. Wasu masu haɗawa suna ɗaure fanel da wayar ɗauri a jikin kwano kawai, ko su kafa sukuru a kwanon ba tare da ya kama katako ba. Ranar da iska ta zo, fanel ɗin zai tashi da kwanon, ya sauka a gidan maƙwabci ko a kan motar wani. Daidai shi ne a shimfiɗa dogayen ƙarafan alminiyam, a kafa su da sukuru mai robar toshe ruwa, a kan tudun kwano ba a cikin kwarinsa inda ruwa yake gudu ba, kuma kowane sukuru ya nutse cikin katako. Sannan mai aikin ya san inda yake taka ƙafa. Kwanon alminiyam na zamani siriri ne, taku ɗaya tsakanin katako biyu ya isa ya bar lotsawar da ruwa zai riƙa kwanciya a ciki.

Akwai kuma abin da takardun kamfanonin sola ba sa faɗa, amma kowane Bahaushe ya sani. Wanda ya hau rufi yana ganin tsakar gidan maƙwabta. Ba hawa ɗaya ba ne kuma, domin ƙurar hunturu tana rufe fanel ta rage masa ƙarfi sosai, sai an riƙa hawa ana wankewa. Kowane hawa sai an aika yaro ya yi sallama ya ce za a hau sama, mata su kimtsa. Maigidan da ya shekara talatin da maƙwabtansa yana tunanin wannan tun kafin ka gama bayani, ko da bai furta ba.

Saboda waɗannan dalilai, ni a ganina ɗan haya ya guji rufin kwano matuƙar akwai wata hanya. Idan gidan dekin ne, ana iya zaunar da ƙarafan a kan tubalan kankare masu nauyi ba tare da an huda komai ba. Idan akwai fili a tsakar gida ko wajen ajiye mota, a yi rumfar ƙarfe a jera fanel a kanta, ta fuskanci kudu, da ɗan karkata kamar digiri 10 zuwa 15, tunda Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. An sami inuwa, wanki ya zo da sauƙi, ba a taɓa rufin kowa ba. A gaya wa mai walda ya haɗa fanel da ƙarfen da noti, kada ya like, don a iya kwancewa.

A cikin gida kuma, wurin batir yana buƙatar magana. Batir mai ruwa, irin dogon nan na amfiya 220, kowane ɗaya ya kai kilo 60, yana fitar da iska mai kama wuta idan yana caji, ruwansa kuma yana cin tayil da siminti. Ba a kulle shi a ɗakin kwana ko a sito marar taga. Na litiyam ya fi tsafta, ana rataye shi ko a ajiye, amma ya fi tsada. Sannan dole a sa makunnin da yake raba wutar nepa da ta inbata, wanda masu aikin suke kira canjoba, don kada wutar inbata ta koma layin waje ko ta shiga ɗakin maƙwabci.

Misali da lissafinsa

A ɗauka ma'aikaci ne yake haya a gida mai ɗaki uku, naira 900,000 a shekara. Yana son fanel shida, inbata ɗaya, da batirin litiyam mai ɗaukar yunit 5. Alƙaluman nan na misali ne don a ga yadda lissafin yake tafiya, farashin gaske yana bin dala. A ce fanel shida naira 780,000, inbata 600,000, batir 1,400,000. Kayan da ake kwancewa ke nan, jimillarsu 2,780,000. Waya da bureka da canjoba da sandar ƙasa 250,000, rumfar ƙarfe 150,000, ladan aiki 120,000. Gaba ɗaya naira 3,300,000.

Shawarar da ta fi zuwa bakin mutane ita ce a cire duka a kuɗin haya. Tana da daɗin ji, amma a duba ta da kyau. Naira 3,300,000 a kan hayar 900,000 zaman shekara uku da wata takwas ne ba biya. Maigida kaɗan ne zai iya haƙurin haka, musamman wanda da kuɗin hayar yake cefane. Idan ma ya yarda, ba a kuma rubuta cewa haya ba za ta motsa ba, sai ya ƙara ta zuwa 1,200,000 a shekara ta biyu. Yanzu 900,000 da 1,200,000 sau biyu sun cinye kuɗin a shekara uku cif, wata takwas sun tafi ba tare da kowa ya karya alkawari ba. Bayan haka, daga ranar da aka fara cirewa, kayan sun zama na maigida. Idan inbata ta ƙone a shekara ta biyu, wa zai sayi sabuwa? Maigida zai ce kai kake amfani da ita. Ɗan haya zai ce ai taka ce.

Tsarin da ya fi zama lafiya shi ne kowa ya riƙe abin da zai kasance nasa a ƙarshe. Ɗan haya ya sayi fanel da inbata da batir da kuɗinsa, rasit da sunansa, gyara da wanki a wuyansa, ranar tashi ya tafi da abinsa. Waya da rumfa, naira 400,000, su zauna a gidan, a cire su a haya cikin shekara biyu, 200,000 kowace shekara, ya riƙa biyan 700,000. Ladan aiki ɗan haya ya ɗauka, tunda don kansa aka yi. Sai sharaɗin da yake riƙe da sauran: idan maigida ya ba da notis kafin a gama cirewa, zai biya ragowar a hannu kafin a miƙa makulli. Mai hayar shekara dai, idan ba a rubuta wani abu daban ba, notis ɗin wata shida yake da shi, ba alkawarin zama har abada ba. Idan kuma ɗan haya ne ya tashi don kansa, a faɗi tun yanzu ko ya yafe ragowar ko za a biya shi idan sabon ɗan haya ya shigo.

Wani maigidan zai ce shi dai idan za a tashi a bar masa komai ya saya. Ba laifi, amma kada a yanke farashi yau. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,400 a 2024 ya san adadin da aka rubuta a takarda yana narkewa. Kuma kayan ba tare suke tsufa ba. Fanel yana iya shekara ashirin da biyar yana aiki, batir mai ruwa kuwa wani ba ya wuce shekara uku. A rubuta cewa maigida ne yake da fifikon saye, a farashin kasuwar ranar, kowane ɓangare ya kawo mai aikin sola ɗaya su yi ƙima, idan ba a daidaita ba mai kaya ya kwashe kayansa.

Yadda ake shigar da maganar

Lokacin da ya fi dacewa shi ne dab da sabunta haya, kuɗi yana hannu ba a miƙa ba tukuna. A je gida, ba a waya ba, kuma a je wurin mai gidan kansa. Dillali ko kiyateka yana iya cewa ka yi kawai, amma ba bangonsa ba ne, kuma gobe yana iya cewa bai tuna ba. Idan gidan gado ne, a tambayi wanda magada suka wakilta, shi zai sa hannu.

Bayan gaisuwa, maganar ba ta buƙatar kwana-kwana. "Baba Alhaji, zafin nan ya dami yara, ina son in sa sola, amma ban ga ya dace in taɓa ginin ba sai na zo gare ka. Ba za a hau kwano ba, rumfa za a yi a wajen mota. Rami ɗaya za a huda ta bayan falo. Ga wanda zai yi aikin na zo da shi, ko kuma idan akwai mai wayarin ɗinka da ka yarda da shi, a kira shi ya tsaya a kai." Wannan tayin na ƙarshe yana da ƙarfi, domin tsoron maigida bai wuce a kawo masa yaron da bai sani ba ya jagwalgwala masa wuta. Da wuya a rasa jin amsa irin ta "To Malam, ai gidanka ne, ba komai." A nan ne ake buƙatar ƙarfin hali. "Na gode, Allah ya ƙara girma. Sai dai ina roƙon a ɗan rubuta, ba don ni da kai ba, saboda rai da ajali, kada yaranmu su zo suna musu a kan abin da ba su sani ba." Dattijo ba ya jin haushin wannan, domin ya sha ganin rabon gado.

Takardar ba sai ta wuce shafi ɗaya ba, da Hausa ma ta wadatar. Ta faɗi kayan da za a kafa da lambobin da ke jikinsu, da wurin da za a kafa su, da yawan ramukan. Ta faɗi abin da yake na ɗan haya zai tafi da shi, da abin da zai zauna, da adadin da za a cire a haya da shekarun cirewar. Ta faɗi cewa yoyo ko ɓarnar da aikin ya jawo a wuyan ɗan haya take, kuma zai toshe ramuka ya yi fenti kafin ya fita. Idan maigida ya nemi a ajiye wani abu a hannunsa saboda wannan gyaran, ba zalunci ba ne, a rubuta adadin da ranar mayarwa. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi, a ɗauki hotonta a waya. Amfanin takardar ya fi fitowa ranar da aka sayar da gidan, domin sabon mai gida ya zo ya ga fanel a rumfa da esi a bango, kuma mai yiwuwa da su dillali ya yi masa tallan gidan.

Ranar kwancewa

A kwance kaya kafin wa'adi ya cika, ba bayan an miƙa makulli ba. Wanda ya fita ya ce zai dawo mako mai zuwa ya ɗauki injinsa ya raunana hujjarsa da hannunsa, domin shiga gidan ma yanzu sai da izini.

Esi yana buƙatar wuta ranar da za a cire shi, abin da mutane suke mantawa ke nan. Mai gyara yakan kunna shi yana sanyi, ya rufe bawul ɗin siririn bututu a jikin injin waje, ya jira kamar minti ɗaya gas ɗin ya tattaru a cikin injin, ya rufe na babban bututu, sannan a kashe. Idan ba wuta aka kwance haka nan, gas ɗin ya tsere, sai an sake sayen wani a sabon gida. Bakin bututun a toshe shi kada ƙura ta shiga. Ramin bango a cika shi da siminti ciki da waje, ba tsumma ko leda ba, a bar shi ya bushe kafin fenti.

Sola kuma ana fara kashe inbata ne da makunnin da yake tsakaninta da fanel, domin fanel yana ba da wuta muddin rana tana dukansa, kuma shida a jere suna haɗa ƙarfin da zai iya kisa. Da sassafe ko bayan faɗuwar rana ya fi. Wayoyin da za a bari a naɗe bakinsu, a mayar da canjoba kan layin nepa, a gwada kowane soket a gaban maigida ko wakilinsa. Idan a kan kwano aka kafa, kowane ramin sukuru sai an mayar masa da sukuru mai sabuwar roba, kuma tashin da ya faɗo a rani ba ya nuna yoyo, don haka a zuba ruwa da bokiti a kan wurin, wani yana cikin silin da tocila yana dubawa, kafin a karɓi kuɗin ajiyar a sa hannu cewa an rabu ba bashi.